Na sayar da hannun jarina, to ina kuɗin suka tsaya?

[Hannu riƙe da waya, allo ya nuna an sayar]

Kwana biyun nan magana ɗaya ke yawo tsakanin matasan Maradi masu taɓa kasuwar hannun jari. Wani ya sayar da nasa da safe, ya ga kuɗi a rubuce kan allo, ya je cirewa aka ce ya dakata. Abokinsa ɗan kirifto yana gefe yana dariya, wai shi kafin shayi ya huce ya gama komai. Sai aka fara cewa dillalai ne ke juya kuɗin mutane. A'a, ku tsaya mu bi sawun kuɗin.

Abin da ka gani a allo, haɗuwar mai saye da mai sayarwa ce kawai. Kamar a babbar kasuwa ne, an yi ciniki, an ce "Allah ya sa albarka", an tafa. Buhu bai bar rumbu ba, kuɗi ba su bar aljihu ba. Saura abu biyu: a tace lissafi a san wa ke bin wa, sannan a miƙa kaya a karɓi kuɗi.

[Taswira: Maradi, Yamai, Abijan]

Mu nan Nijar, kasuwarmu ita ce BRVM da ke Abijan, ta ƙasashe 8 masu sefa. Ba ka shiga da kanka, sai ta hannun dillali mai lasisi, waɗanda ake kira SGI. Kundin da ke nuna wane ke da hannun jari nawa kuwa yana wata ma'ajiya daban, DC/BR. Kasuwa daban, dillali daban, ma'ajiya daban, banki daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga wurin da kowa ke ɓata.

[Akwatuna uku a allo]

Ga dillalai uku. Mu ce hannun jari ɗaya sefa 25,000 ne, misali ne kawai. Cikin yinin, na farko ya saya wa mutanensa 100 daga na biyu. Na biyu ya sayi 80 daga na uku. Na uku ya sayi 90 daga na farko. Idan kowane ciniki za a biya shi nan take, hannun jari 270 za su tashi, kuɗi kuma sefa 6,750,000. Kuma dole kowa ya riƙe kuɗinsa cif a hannu tun kafin ya buɗe baki.

To amma an ce a bari sai an tashi kasuwa. Kalli abin da ya faru. Na farko ya sayi 100, ya sayar da 90, ke nan 10 yake bi, zai biya 250,000. Na uku ya sayi 90, ya sayar da 80, shi ma 10 yake bi, zai biya 250,000. Na biyu ya sayar da 100, ya sayi 80, zai ba da 20, ya karɓi 500,000.

Ku sake dubawa. Cinikin kusan miliyan bakwai, amma abin da ya motsa rabin miliyan ne da hannun jari 20. Sauran duk bashi ya cinye bashi. Duk wanda ya taɓa zama a shagon babban Alhaji da yamma, ya ga ana buɗe littafi, "ka karɓi shinkafa, na karɓi mai, cikon nawa ne?", ya san wannan dabarar. Ba Bature ya ƙirƙiro ta ba. A Amurka, gidan da ke wannan aikin, NSCC, yana rage kuɗin da ya kamata su motsa da kusan kashi 98 cikin 100.

Sai dai ba a cire bashi daga bashi sai an jira cinikin ya taru. Jiran nan shi ne kake gani a wayarka.

Bayan tacewa, a ranar da aka sa, ma'ajiya ta sauya suna a kundi, banki ya tura kuɗi, a lokaci guda. Ba a ba da ɗaya sai da ɗayan. Idan ka ga T+1 ko J+3 a takardarka, ranar ciniki ce da adadin kwanakin aiki da za a ƙara. Na aiki fa, Asabar da Lahadi ba sa ciki. Inda ake J+3, wanda ya sayar ranar Alhamis sai Talata.

[Kalanda, lambobi suna raguwa]

Kwanakin kuma raguwa suke. Amurka ta koma kwana 3 a 1995, kwana 2 a 2017, kwana 1 ranar 28 ga Mayu 2024. Indiya ta riga ta, tun Janairun 2023. Me ya hana a kai sifili? Inji zai iya. Amma mai saye daga wata nahiya sai ya canji kuɗinsa zuwa dala, bankinsa ya rufe lokacin da kasuwar ke ci, kuma idan an rubuta lamba ba daidai ba ana son sararin gyara.

Jiran yana da nasa haɗarin, ba zan ɓoye ba. Tsakanin tafawa da biya, wani na iya karyewa. Shi ya sa ake sa dillalai su ajiye jingina. Ranar 28 ga Janairun 2021, da farashin hannun jarin kamfanin GameStop na Amurka ya haukace, NSCC ta nemi Robinhood, wata manhajar dillancin hannun jari, ta kawo jinginar kusan dala biliyan 3, sai manhajar ta tsayar da sayen hannun jarin GameStop da wasu irinsa. Mutane suka yi ta ihun an haɗa baki, alhali babban dalilin yana cikin kwana biyun da ake jira a lokacin.

[Waya ta biyu, manhajar kirifto]

To abokinmu mai dariya fa? Ya manta abu ɗaya: kafin ya saya, sai da ya zuba kuɗinsa duka a manhajar. Mai sayarwa ma ya riga ya ajiye nasa. Ba bashi, ba abin tacewa. Kuma gida huɗun nan da na ce ku riƙe, a nan gida ɗaya ne. Shi ne kasuwa, shi ne dillali, shi ne ma'aji, shi ne banki. Ya goge lamba a layinka, ya rubuta a layin wani, cikin littafinsa na kansa. Ba abin da ya hau bulokcen, wato babban kundin kirifto da kowa ke iya dubawa.

Kana son ka gane? Nemi lambar shaidar tura kuɗi, wadda ake rubutawa TxID. Cinikin cikin manhaja ba ya da ita. Sai ranar da ka cire zuwa asusun da mabuɗinsa ke hannunka za ka gan ta, kuma a nan kai ma za ka jira. A Bitkoyin, kowane shafi na kundin yana ɗaukar kusan minti 10, masu taka-tsantsan suna jiran shafi 6, wajen awa guda ke nan. Ya fi kwana sauri, gaskiya ne. Amma in ka kuskure adireshi, ba ofishin da za ka kai kuka.

Ni dai a ganina, saurin nan da amana aka saye shi. Waɗanda suka bar dukiyarsu a kasuwar kirifto ta FTX har Nuwamban 2022 suna ganin lambobinsu lafiya lau a allo, ranar da suka zo cirewa aka rufe ƙofa.

[Komawa waya ta farko]

Kai kuma mai hannun jari, buɗe takardar shaidar cinikin da dillalinka ya aiko. Kwanan wata biyu ne a jiki, na ciniki da na biya. Na biyun za ka duba. In ya wuce kuɗi ba su sauka ba, to yanzu kam ɗauki waya ka kira shi.