Kuɗin waje da buhun shinkafar Maradi: ta ina hawan yake biyowa?

Assalamu alaikum, jama'a. Ka shiga babbar kasuwar Maradi ka taya buhun shinkafa 'yar waje, mai shago ya faɗi kuɗin da ya fi na watan jiya, ka ce, "Haba Alhaji, me ya faru?" Sai ya ce maka, "Dala ce ta hau." Ba dalarmu ta biyar-biyar yake nufi ba, dalar Amurka yake nufi. Kai kuma sefa ce a aljihunka, ba ka taɓa riƙe kuɗin Amurka ba. To ta ina hawanta ya biyo har ya iso tukunyar gidanka, kuma nawa ne rabonta na gaskiya a cikin ƙarin da aka yi maka? Shi za mu bi yau, daga jirgin ruwa har zuwa shago.

Mu fara da sefar kanta. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957, haka yake tun 1999, bai motsa ba. Shi ya sa wasu ke cewa mu canji bai shafe mu ba, matsalar mutanen Najeriya ce. Wannan magana rabinta ce gaskiya. Shinkafar Indiya da ta Tailan, da man ja na ƙasashen Asiya, da ɗanyen mai a kasuwar duniya, dukkansu da dalar Amurka ake cinikinsu. Yuro kuwa hawa da sauka yake a gaban dalar Amurka, duk inda ya tafi yana jan sefa kamar akuya a igiya. A farkon 2021 yuro ɗaya ya kai dalar Amurka 1.20, wato dala ɗaya tana wajen sefa 550. A 2022 yuro ya faɗi har suka yi kunnen doki da dala, ya ma gangara ƙasa da ita, sai dala ɗaya ta wuce sefa 650. Babu wanda ya yi shela a rediyo cewa an karya darajar kuɗinmu, amma ɗan kasuwan da ke sayo kaya da dala ya ji a jikinsa.

Bari mu ɗauki buhu ɗaya mai kilo 50 mu yi masa lissafi. Alƙaluman nan misali ne na zaɓa don lissafin ya fito fili. Mu ce buhun ya iso bakin teku a kan dalar Amurka 20, har da kuɗin jirgi. Idan dala tana sefa 550, buhun ya tashi jika 11. Duwan suna yanka haraji a kan darajar kaya, mu ce kashi 10 cikin ɗari, ga sefa 1,100. Sai kuɗin mota daga teku zuwa Maradi, da 'yan dako, da hayar sito, da abin da ake kashewa a hanya, mu ce jika 6. Babban dila da mai shago su raba ribar sefa 1,900. Ka tara duka, buhu ya tsaya a jika 20 cif.

Yanzu dala ta koma 650. Buhun nan dai dala 20 ne a can, mai shinkafar bai ƙara ko sisi ba, amma a sefa ya zama jika 13. Harajin ma ya bi shi, tunda kaso ne na darajar kaya, ya koma 1,300. Kuɗin mota da na dako da hayar sito da riba kuwa da sefa ake biyansu, suna nan inda suke. Ka sake tarawa, za ka samu sefa 22,200.

Ku duba nan da kyau, don nan ne gishirin maganar. Dala ta hau da wajen kashi 18 cikin ɗari, buhu kuwa ya hau da kashi 11. Ka raba 11 da 18, za ka ga kusan shida cikin goma na hawan ne ya ratso ya iso shago. Wannan rabon shi masana tattalin arziki ke aunawa in suna maganar yadda canji ke shiga farashi. Ba ya cika goma bisa goma, saboda ba duk kuɗin buhun ne aka biya da kuɗin waje ba. Mu da muke nesa da teku, kuɗin hanya ya ci babban kaso a farashin kayanmu, don haka a lissafin kashi cikin ɗari hawan dala yakan zo mana da ɗan sauƙi fiye da mai zaune a bakin tashar jirgin ruwa, ko da yake tun asali kayan sun fi tsada a wurinmu.

Dattawanmu sun ga babban misalin wannan da idonsu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya: faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Kuɗin waje ya ninka, amma tsadar kaya gaba ɗaya a Nijar a shekarar ta tashi ne da wajen kashi ɗaya cikin uku. Magani da madarar gwangwani da kayan gyaran mota sun yi tsalle mai nisa, gero da dawa da aikin hannu ba su bi su da wannan gudun ba.

Sai batun lokaci, wanda shi ya fi haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kayan da aka yi oda yau sai sun yi makonni a teku, sannan su yi kwanaki a hanya, don haka bisa ƙa'ida sabon farashi yana ɗaukar wata biyu ko uku kafin ya iso. Amma sau da yawa ka ga mai shago ya ƙara kuɗi a kan tsohon kayan da ke jibge a sitonsa, mutane su ce zalunci ne. Ni ina roƙon a saurari lissafinsa kafin a yanke masa hukunci. Yana da buhu 100 da ya saro a kan jika 19. In ya sayar a jika 20, zai tashi da sefa miliyan 2. Ya koma wurin dila ya tarar sari ya koma 21,200. Miliyan biyunsa buhu 94 kawai za ta sayo masa. A takarda ya ci riba, a sito ya yi asarar buhu shida. In ya yi haka sau uku ko huɗu, jarin ya zaizaye. Shi ya sa yake sa farashi da kuɗin da zai sake saro kayan.

Inda nake ganin laifi na gaske shi ne wajen saukowa. Idan dala ta sauka, wannan hujjar ta juya: sabon sari ya yi sauƙi, ya kamata farashi ya bi shi. Amma sai ka ji an ce, "Ai tsohon kaya ne, da tsada muka saro." Ba a cin hujja biyu a lokaci ɗaya. Abin da ke tilasta saukowa shi ne gasa. Kayan da masu shigo da shi suke da yawa, wani zai karya farashi don ya kwashe ciniki, sauran su bi dole. Kayan da 'yan kasuwa ƙalilan suka riƙe, hawansa da sauri ne, saukarsa sai an yi ta jira.

Mu koma kan mai, don shi labarinsa daban ne, kuma a Maradi fuska biyu gare shi. Man gidan mai yawancinsa daga matatar Soraz ta Damagaram yake fitowa, wadda ta fara aiki a 2011, kuma gwamnati ce ke tsayar da farashinsa. A watan Yulin 2024 ma rage shi aka yi, litar esansi ta koma sefa 499. Don haka ko dala ta hau ko ta sauka, allon gidan mai ba ya motsi. Sai dai tsadar ba ɓacewa take ba. Duk litar da aka shigo da ita daga waje don cike giɓi, wani ne ke ɗaukar bambancin, ko kamfanin gwamnati ko baitulmali. In nauyin ya yi yawa, maimakon ka gan shi a farashi, sai ka gan shi a dogon layi da famfon da ya bushe.

Fuska ta biyu ita ce ta 'yan ruwa-ruwa, masu kwalabe a bakin titi, waɗanda man nasu ta Jibiya da Ɗan Isa yake ɓullowa. A nan babu allo, canji yana shiga farashi kusan a ranar. Kuma a nan ne mutane da yawa suka yi kuskuren lissafi. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Mai sefa ya yi murna, don jikarsa ta koma sayen naira mai yawa, ya ɗauka man Najeriya zai zama kamar kyauta. Amma a ƙarshen watan Mayun 2023 an cire tallafin mai a can, kuma man nasu da dala ake lissafinsa, sai a ƙarshe faɗuwar naira ta ratsa cikin farashin lita. Mu kwatanta da alƙaluma zagayayyu. A da, lita naira 190, jika ɗaya tana canza naira 1,200, lita ta tashi wajen sefa 160 a can. Daga baya lita ta kai naira 1,000, jika tana canza 2,500, lita ta tashi sefa 400. Ka ɗora kuɗin ɗauko jarka da haɗarin hanya da ribar mai kwalba, ka ga ya taɓo farashin gidan mai ko ya wuce shi. Naira ta faɗi, amma man ya ƙara tsada a sefa. Masu kabu-kabu da manoman rani masu injin ban ruwa da suka saba da kwalba sai suka koma gidan mai gaba ɗaya, matata ɗaya kuma ba ta saba ɗaukar wannan taron ba.

Haka abin yake da taliya da sabulu da kayan roba na Kano. Ranar da naira ta faɗi, mai sefa yana cin garaɓasa, amma na ɗan lokaci ne. Masana'antar can da dala take sayen alkama da sinadarai, bayan wasu makonni za ta ƙara farashi a naira, garaɓasar ta tsuke. Mai kai shanu ko wake kasuwar Najeriya kuwa juyin ya same shi tun ranar farko, don nairar da ya karɓo in ya canza ta sefa kaɗan take ba shi.

To in mai shago ya ce maka dala ce, ga yadda za ka gwada maganarsa. Ka dubi kayan waje da yawa tare: shinkafa, sukari, man girki, madara. In duk sun ɗaga a lokaci ɗaya da kusan kaso ɗaya, alhali gero da albasa suna zaune, hannun canji ne. In shinkafa kaɗai ta tashi, nemi dalilin a ƙasar da take fitowa, kamar yadda Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafarta a watan Yulin 2023. In duk abin da ke hawa babbar mota ya tashi har da siminti, alhali yuro da dala ba su motsa ba, to hanya ce, kamar lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. In kuwa tiyar gero ce ta hau a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya shigo, wannan rumbu ne ya yi ƙasa, dalar Amurka ba ta da hannu a ciki.