Sharaɗin Courant: me ya sa lissafin igiya ke fashewa idan takin lokaci ya yi tsawo

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban lissafi da injiniya, aka rubuto ta daga faifan sauti. Abin da malamin ya rubuta a allo an sa shi yadda ya rubuta.)

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kwanakin baya wata ɗaliba ta kawo mini kwamfutarta ranta a ɓace. Ta rubuta manhajar da za ta kwaikwayi kaɗawar tsirkiya, ta duba kowane layi sau uku, babu kuskure ko ɗaya. Amma da ta kunna, tsirkiyar ta yi motsi kaɗan, sai zanen ya zama kamar haƙoran zarto, daga nan allon ya cika da `NaN`, alamar da kwamfuta ke nunawa idan lissafi ya kasa ba da lamba. Na tambaye ta takin lokaci nawa ta sa. Da ta faɗa, muka rage shi kaɗan, komai ya daidaita. Wannan ɗan ragin shi ne zancenmu na yau, kuma ina so mu lissafa shi da hannu, domin wanda ya ga lambobin suna kumbura a gabansa ba ya sake mantawa.

Ku ɗauki tsirkiya ɗaya, irin ta garaya, an ɗaure ta a kai biyu. Idan aka taɓa ta, motsin yakan bi tsawonta da wani gudu da za mu kira `c`. Wannan motsi mai tafiya shi nake nufi da igiya, kuma ga dokarsa:

```
u_tt = c² · u_xx
```

Harafin `u` shi ne yadda tsirkiyar ta kauce daga mazauninta. Dokar tana cewa inda tsirkiya ta fi lanƙwasa, nan ake fi fizgar ta ta dawo. Kwamfuta ba ta iya riƙe kowane ɗigo na tsirkiya, don haka sai mu shimfiɗa raga: mu zaɓi ɗigogi masu tazarar `Δx` a tsakaninsu, lokaci kuma mu riƙa ɗaukarsa taki-taki, kowane taki `Δt`. Idan muka maye gurbin lanƙwasar da bambancin ɗigo da maƙwabtansa biyu, ga abin da ke fitowa:

```
r = c·Δt / Δx
u[j,n+1] = 2(1 − r²)·u[j,n] + r²·(u[j+1,n] + u[j−1,n]) − u[j,n−1]
```

Nan `j` lambar ɗigo ce, `n` lambar taki. Ana ce wa wannan hanya ta kai-tsaye, domin sabon ƙima yana fitowa ne daga abin da muka riga muka sani. Shi kuma `r` shi ne lambar Courant. Sharaɗin kuwa gajere ne: kada `r` ya wuce 1.

Ku dubi fomular da kyau. Ɗigo na 5 a taki mai zuwa, wa yake saurare? Kansa, da na 4, da na 6. Shi ke nan. Ma'ana, a kan raga labari ba ya iya tsallake fiye da ɗigo ɗaya a taki ɗaya. Gudun raga ke nan, `Δx/Δt`. Ita kuwa igiyar gaske tana tafiya da `c`, ba ruwanta da ragar da muka zana. Idan ta fi raga gudu, to muna neman ɗigo ya ba da amsa kan labarin da bai iso masa ba tukuna.

Wannan ita ce hujjar da Richard Courant da Kurt Friedrichs da Hans Lewy suka kawo a 1928, suna Jami'ar Göttingen ta Jamus, shi ya sa za ku ga ana rubuta `CFL`. Lokacin babu kwamfuta irin tamu. Su abin da ya dame su shi ne ko amsar raga za ta kusanci amsar gaskiya idan aka yi ta matse ragar.

To mu sa lambobi. Tsirkiya mita 1, ɗigogi 11 daga 0 zuwa 10, tazara mita 0.1, gudun igiya mita 100 a daƙiƙa. Igiya na cin tazara ɗaya a daƙiƙa 0.001, saboda haka iyakar takinmu ke nan. Mu ɗaga ɗigo na 5 zuwa 1, sauran duk sifili, mu sake shi daga tsaye. A takin farko babu na baya da za a cire, sai a yi amfani da `(1 − r²)` na ɗigon kansa, a ƙara rabin `r²` na jimillar maƙwabtansa.

Da farko mu ɗauki `Δt = 0.001`, wato `r = 1`. A nan kashin farko na fomular ya ɓace, abin da ya rage shi ne a haɗa maƙwabta biyu a cire ƙimar taki na baya.

```
j:     2     3     4     5     6     7     8
n=0    0     0     0     1     0     0     0
n=1    0     0    0.5    0    0.5    0     0
n=2    0    0.5    0     0     0    0.5    0
n=3   0.5    0     0     0     0     0    0.5
```

Kun gani? Tudun ya rabu biyu, rabi ya nufi hagu, rabi dama, ɗigo ɗaya a kowane taki. Abin da masanin lissafi ɗan Faransa d'Alembert ya samu da alƙalami tun 1747 ke nan, kuma a `r = 1` ragar tana ba da shi daidai, babu ragi babu ƙari. Ni dai har yau wannan jadawalin yana burge ni.

Yanzu mu ƙara takin zuwa `Δt = 0.0012`. Ƙari ne na kashi 20 cikin ɗari kacal, `r` ya zama 1.2, `r²` ya zama 1.44, kashin `2(1 − r²)` kuma ya zama −0.88. Ku lura da wannan alamar ragi. Mu lissafa ɗigo na 5. A taki na 1 ya koma −0.44, maƙwabtansa 0.72 kowanne. A taki na 2: −0.88 sau −0.44 ya ba da 0.39, sai 1.44 sau jimillar maƙwabta 1.44 ya ba da 2.07, a cire 1, ya rage 1.46. Haka za a ci gaba.

```
j:      2      3      4      5
n=0     0      0      0     1.00
n=1     0      0     0.72  −0.44
n=2     0     1.04  −1.27   1.46
n=3    1.49  −2.74   3.99  −4.50
```

Ɓangaren dama kamarsa ɗaya da na hagu. A taki na 4, ɗigo na 5 ya kai kusan 14. Tsirkiyar da muka ɗaga zuwa 1, babu wanda ya ƙara mata ƙarfi, ga ta a 14 bayan taki huɗu. Kuma ku dubi alamomin: a jere ɗaya, ƙari, ragi, ƙari, ragi, a ɗigo ɗaya ma, kowane taki sai alama ta juya. Haƙoran zarton da ɗalibar nan ta gani ke nan. Idan kun ga wannan siffa a aikinku, ku fara duba `r` kafin ku fara farautar kuskure a manhaja.

Hujjar gudu ma tana nan a fili. Bayan taki 5 an ci daƙiƙa 0.006, igiyar gaske ta yi mita 0.6, raga kuwa iyakar inda ta kai labari mita 0.5. Kuma matse raga ba zai cece ku ba: ku raba `Δx` da `Δt` gida goma tare, `r` yana nan a 1.2, giɓin yana nan.

Me ya sa zarto, ba wata siffa ba? Domin ita ce siffar da ta fi kowace lanƙwasa da raga za ta iya ɗauka. Ku sa `+a, −a, +a, −a` cikin fomular, za ku samu `a[n+1] = (2 − 4r²)·a[n] − a[n−1]`. Muddin `r` bai kai 1 ba, lambar da ke cikin baka tana tsakanin −2 da 2, sai `a` ya yi ta kai da komo ba tare da ya girma ba. A 1.2 lambar ta zama −3.76, kuma kowane taki yana ninka zarton kusan sau 3.5. A gajeriyar tsirkiyarmu mai ɗaurarrun kai biyu ninkin ya ɗan ragu zuwa wajen 3.3. Wannan salon bincike na bin siffofi ɗaya bayan ɗaya ana jingina shi ga masanin lissafi John von Neumann.

(Wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, ai kai ka fara da tudu mai tsini. Idan na fara da siffa mai santsi fa, wadda babu zarto a cikinta?")

Tambaya mai kyau, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Za ka samu jinkiri ne kawai. Kwamfuta tana yanke lambobi a wajen gurbi na 16, kuma wannan ɗan kuskuren yankewa yana ɗauke da ƙwayar zarto. Ka ninka `10⁻¹⁶` da 3.3 a kowane taki, cikin taki 30 ko 31 ya kai 1. Wato zanenka zai yi kyau na taki ashirin da wani abu, har ka saki jiki, sannan ya tarwatse. Wanda ya gwada manhajarsa da taki 10 ya ce ta yi, bai gwada komai ba.

To idan haka ne, me zai hana mu sa `r` ƙarami sosai mu huta? Ba zai fashe ba, gaskiya ne, amma akwai farashi. Na farko lokaci: `r = 0.1` na nufin taki goma a inda ɗaya zai isa. Na biyu, da zarar `r` ya sauka ƙasa da 1, gajerun igiyoyi sukan yi tafiya a hankali fiye da dogaye a kan raga, sai ka ga tudu mai tsini yana jan 'yan ƙananan kaɗe-kaɗe a bayansa waɗanda babu su a tsirkiyar gaske. Wannan ba fashewa ba ce, ba ya girma, kuma maganinsa ƙara yawan ɗigogi, ba rage taki ba. Shi ya sa shawarata ita ce a tsaya dab da iyaka, kamar 0.9.

Iyakar kanta tana sauyawa. Idan fatar ganga kuke lissafawa, raga mai tsawo da faɗi da tazara iri ɗaya, iyakar `r` ta koma `1/√2`, wajen 0.707. A sarari mai tsawo, faɗi da zurfi kuwa `1/√3` ce, wajen 0.577. Na sha ganin wanda ya kwashi 0.9 daga aikin tsirkiya ya kai aikin ganga, ya kwana yana neman abin da ya lalace. Sannan idan gudun ba ɗaya ba ne ko'ina, mafi girman `c` da mafi ƙanƙantar `Δx` su ke yanke wa kowa hukunci. Sauti na tafiya wajen mita 343 a daƙiƙa cikin iska, cikin ƙarfe kuwa ya haura mita 5,000. Ɗan guntun ƙarfe a kusurwar ragarku zai tilasta wa dukan lissafin rage taki fiye da sau 14.

Abu na ƙarshe, don kada ku fita da fahimta rabi. Sharaɗin Courant wajibi ne, amma ba ga kowace hanya yake isa ba. A fomular da muka yi yau ya isa. Akwai wasu hanyoyin kai-tsaye da ke fashewa ko da `r` yana ƙasa da 1, saboda haka duk sabuwar fomula sai an yi mata nata gwajin siffofi.

Aikin da za ku tafi da shi: wannan tsirkiyar, wannan tudun, amma da `r = 0.5`. Takin farko zai ba ku 0.75 a tsakiya da 0.125 a kowane gefe. Ku ci gaba da hannu har taki 6, ku zana abin da kuka samu, ku kawo mako mai zuwa mu kwatanta shi da jadawalin `r = 1`. Na gode.