Darasi: Yadda Ake Tantance Fassarar Takardar Lafiya ta Hanyar Mayar da Ita Harshen Asali

Masu sauraro, assalamu alaikum. Darasinmu na yau ya shafi takardar bayani da ake raba wa iyaye mata a asibiti kan gudawar yara, wadda aka rubuta da Turanci aka fassara zuwa Hausa, da yadda za a tabbatar saƙon bai sauya a hanya ba.

Idan mai fassara na farko ya kammala, sai a miƙa Hausar ga mutum na biyu wanda bai taɓa ganin takardar asali ba, ya mayar da ita Turanci. A gargaɗe shi ya fassara abin da ya gani a rubuce kawai, kada ya gyara komai, domin wanda ya san aikin jinya yakan cike giɓi da iliminsa, kuskuren ya ɓuya. Daga nan sai a ajiye Turancin biyu gefe da gefe, a bi su jimla bayan jimla tare da ma'aikaciyar lafiya.

Ga misali. Takardar asali ta ce a ba yaron da ya kai wata 6 ƙwayar zink mai miligiram 20 kullum, tsawon kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. A ce mai fassara, don neman taƙaitawa, ya rubuta cewa a riƙa ba shi kullum har ya samu sauƙi. Hausar ta yi daɗin ji, amma da zarar an mayar da ita za a ga adadin kwanakin ya ɓace, sharaɗin ma ya juye, kuma uwar da ta bi wannan umarni za ta daina bayarwa ranar da cikin yaron ya lafa. Irin wannan saɓani ake farauta: lambobi, lokuta, da duk inda aka ce kada. Bambancin salo kuwa, a bar shi ya wuce.

Sai dai hanyar tana da iyaka, kuma ina roƙon ku riƙe wannan da kyau. Umarnin a zuba ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta zai dawo Turanci daidai, alhali uwa da yawa ba ta da ma'aunin lita a gida, idan kuma ruwan ya yi kaɗan, gishirin zai yi wa yaro yawa. Saboda haka bayan kwatancen, a karanta wa wasu mata takardar a layin jira, a ba kowace ƙunshi da mazubi ta haɗa a gabanku. Idan ta yi jinkiri wajen awo, a ƙara mata bayani a takardar cewa leda biyu ce ta fiya wata mai rabin lita, sannan a sake mayar da jimlar da aka gyara kafin a kai wa maɗaba'a.