Minti 5 na farko: yadda ake kwantar da hayaniyar aji ɗaya kafin darasin lissafi

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman ƙara wa juna sani na malaman aji ɗaya na firamare.

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwana, barkanmu da warhaka. Na bayan can kuna ji na? Madalla.

Zan ɗauki sa'a guda ɗaya da kowa a nan ya sani, wato lokacin da yara suka dawo daga tara. Sun yi guje-guje, sun sha rana, wani bakinsa duk man awara, wata tana kuka an karɓe mata fensir, uku suna rigima a kan bakin benci. Su 70 ne ko fiye, shekarunsu 6, kuma jadawali ya ce lissafi, minti 30 ko 35. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu buga dasta a tebur mu ce a yi shiru. Sai a yi shiru na ɗan lokaci, kana juyawa allo surutu ya dawo. Dalili kuwa, ɗan shekara 6 da ya shigo a guje ba ya iya tsayawa cak don an ba shi umarni. Jikinsa bai gama gudu ba. Kuma “ku yi shiru” ba ta gaya masa abin da zai yi da hannunsa da bakinsa da idonsa.

Abin da nake so ku tafi da shi shi ne wannan tsari: ka karɓi hayaniyar a yadda ta zo, ka haɗe ta ta zama murya ɗaya, sannan ka riƙa sauke ta a hankali har ta ƙare a kan lambar da darasinka zai fara da ita. Kamar mai sauke tukunya daga murhu ne, ba ya fizge ta. Bari in bi da ku ta misali guda. A ce darasin yau shi ne hanyoyin haɗa 5: 4 da 1, 3 da 2, da sauransu.

Da farko tafi. Ka tsaya inda kowa zai gan ka, kada ka ce uffan. Ka tafa sau biyu a hankali, sau uku da sauri, ka buɗe hannu alamar su maimaita. A karon farko 'yan gaba ne kawai za su amsa, ƙila yara 10. Kada ka tsawata wa sauran, sake tafawa. A karo na uku ko na huɗu za ka ji ajin ya kama, domin yaro ba ya son a yi abin tafi babu shi. Amfanin tafi shi ne yana kama hannu da kunne lokaci guda. Wanda yake jan rigar ɗan'uwansa dole ya saki, wanda yake surutu dole ya saurara don kada ya kuskure. 'Yan matanmu ma sun riga sun ƙware a wannan daga wasan tafa-tafa, su za su ja maka sauran. Ku lura kuma da abin da na tafa: biyu da uku. Na riga na sa 5 a kunnensu ban ambaci lissafi ba. In ka sauya, ka tafa huɗu da ɗaya. Kada tafin ya wuce guda biyar a jere, in ya yi tsawo sai su rikice, rikicewa kuma dariya take haifarwa. Minti ɗaya ya isa.

Daga nan sai ƙirga da jiki, kuma a nan nake so mu daɗe, don nan ne aka fi ɓata abin. Kowa ya miƙe a inda yake. Za a ƙirga daga ɗaya zuwa goma, kowace lamba da motsi guda: ɗaya, a taɓa kai, biyu, a taɓa kafaɗa, haka dai, ko kuma a taka ƙafa a wuri ɗaya. Wannan zagaye da ƙarfi ake yin sa, ka bar su su fitar da abin da ke ƙirjinsu. Malamin aji na kusa zai yi haƙuri na daƙiƙa 20. Zagaye na biyu da muryar hira. Zagaye na uku kuma a juyo daga goma zuwa ɗaya, murya tana raguwa, jiki yana sauka: a goma suna tsaye hannu sama, wajen biyar sun rusuna, a uku sai raɗa, a ɗaya kowa ya zauna. Ka ga ba ka ce kowa ya zauna ba, ƙirgar ce ta zaunar da su.

Abu biyu nake so ku kiyaye a nan. Na farko, kai ne mai riƙe da saurin ƙirgar. In ka bar su, za su kwarara “ɗaya-biyu-uku-huɗu” kamar karatun hadda, baki ya riga hannu. Yaron da bakinsa ya kai bakwai alhali ya taɓa jikinsa sau huɗu kacal, shi ne gobe zai ƙirga duwatsu 5 ya ce maka 8 ne. Lamba ɗaya, motsi ɗaya, wannan shi ne tushen ƙirga, kuma a wannan wasan za ka hango waɗanda ba su kama shi ba tun kafin ka duba littafinsu. Na biyu, ƙirga ta baya tana da wuya ga ɗan aji ɗaya, musamman a zangon farko. Wuyar ce ma take sa su nutsu, don sai sun yi tunani. Amma in ka ga sun tsaya a takwas suna kallon juna, dawo da ita daga biyar zuwa ɗaya, bayan mako biyu ko uku ka ƙara. Kuma ku yi ta da Hausa tukuna, harshen da yaro yake ƙirga kuɗin tararsa da shi. Ta Turanci ta biyo baya idan ma'anar ta zauna.

Yanzu sun zauna, an yi tsit, amma wannan shirun ba ya daɗewa in ba ka ba shi aiki ba. Sai mataki na ƙarshe, wanda babu baki a cikinsa sam. Ka ce da ƙaramar murya: “Hannu a ƙirji. Ku nuna mini uku.” Kowa ya ɗaga yatsu uku a jikin ƙirjinsa. Na ce a ƙirji, ban ce a sama ba, kuma da dalili. In hannu ya tashi sama, “Malam ni! Malam ni!” ta dawo, kuma na baya zai kwafi na gaba. A ƙirji kuwa kai kaɗai kake gani. Ka ce biyu, ka ce biyar. Sannan ka ɗauko kwalin da ka zana wa ɗigo manya-manya, ka nuna na daƙiƙa biyu, ka kife. Su nuna da yatsu nawa suka gani. Gajeren lokacin da gangan ne: wanda ya waiwaya ya rasa, don haka ido 140 za su dawo kanka. Kuma yaro yana koyon gane uku ko huɗu da kallo ɗaya ba sai ya ƙirga ɗai-ɗai ba. Kada ɗigon ya wuce 5 a wannan mataki.

Sai ka rufe da tambayar da ita ce ƙofar darasin: “Ku nuna mini biyar, amma da hannu biyu.” Nan za ka ga abin sha'awa. Wata ta ɗaga uku a dama biyu a hagu, wani huɗu da ɗaya, wani kuma ya buɗe hannu biyu duka, goma ke nan, ka san wanda za ka fara leƙawa in an soma aiki. Ka kira mai uku da biyu ta fito, ka rubuta 3 + 2 = 5 a allo. Darasi ya fara, yaran ba su ma san inda wasa ya ƙare ba.

Yaya za ka san ajin ya kwanta da gaske? Shiru kaɗai ba shaida ba ne, tsoro ma yana kawo shiru. Gwajin shi ne ka sauke murya ka ba da umarni guda, kamar “ɗora fensir a kan littafi”, ka dubi bencin ƙarshe. In sun yi ba tare da ka maimaita ba, ci gaba. In rabin aji ne ya yi, sake ƙirgar raɗa sau ɗaya, daƙiƙa 30 ce.

Akwai abubuwan da na ga suna rushe wannan tsari. Babbansu gasa. Da ka ce layin dama da layin hagu, wa zai riga, to ka kunna wutar da sai ƙarshen darasi za ta mutu. Gasa tana da ranarta, amma ba bayan tara ba. Sai raba kayan ƙirga da wuri. Murafan kwalba da tsakuwa da tsinke suna da amfani ƙwarai, amma in ka zuba su a benci kafin aji ya kwanta, 'yan mata za su fara carafke, maza su fara jifa. Ka ƙulla su biyar-biyar a leda tun da safe, monita ya raba bayan an rubuta misalin farko. Sai kuma yawan sauyi. Malami ya je bita ya koyo wasanni goma, kullum da sabo. Sabon wasa sai an yi bayani, bayani kuma shi ne lokacin da surutu yake shigowa. Ka riƙe tsari ɗaya zango guda, lambobin kawai za ka riƙa canzawa. In gobe ɗebewa ce, ka ce su nuna biyar, su lanƙwasa biyu, saura nawa. A makon farko abin zai ci maka minti 10, kada ka damu, koyon tsarin suke yi. In ya zauna zai dawo 4 ko 5.

Na ga hannu a can. Bismillah, Malama.

Ta ce ajinta babu benci, a tabarma suke, sun matsu, in suka miƙe sai ture-ture. Gaskiya ne, Malama, kuma ba ke kaɗai ba ce. Kada ki tashe su. Su yi ƙirgar a zaune: hannu sama a goma, a kai, a kafaɗa, a gwiwa, a ɗaya hannu ya kwanta a cinya. Ki hana duk motsin da ke buɗe hannu gefe, don gwiwar hannu ce take jawo faɗa. Kuma ki fara tun daga bakin ƙofa, su shigo layi-layi, na baya su fara zama, don kada a tattaka na gaba.

Malam na kusa da taga ya ce akwai yara biyu ko uku da ba sa bi ko me aka yi. To, a ranar kada ka tsayar da mutum 70 saboda su, ka matsa kusa da su kana ci gaba da tafin, sau da yawa tsayuwarka a gefensu ta isa. Amma in kullum yaro ɗaya ne, ka bincika. Wanda yake bin tafi in yana kallonka, amma ba ya bin umarnin raɗa, ƙila kunne ne, ka dawo da shi gaba ka yi wa iyayensa magana. Wanda yake kuskure kwalin ɗigo daga baya amma yana daidai daga gaba, ƙila ido ne. Wanda kuma ya kwantar da kai bayan tara, ka tambaye shi a keɓe ko ya ci wani abu tun safe, domin wannan tafi ba ya maganinsa.