Hoton bango ne ke sayar da katun ɗinka a YouTube

To jama'a, abu uku zan faɗa: hoton bango, wato ƙaramin hoton da ake gani kafin a buɗe bidiyo, take, sai bayanin ƙasa. Na baya kuna ji na? Madalla.

Mu fara da hoton. Girman da aka saba amfani da shi a YouTube shi ne 1280 a 720, kuma sai ka tabbatar da lambar wayarka kafin su bar ka ka ɗora naka. Amma inda ake tafka kuskuren ba nan ba ne. Kai a kwamfuta ka zana, allo fankameme, komai ras. Mai kallo kuwa a waya zai gani, wataƙila ma gilashinta a tsage, hoton bai wuce kwalin ashana ba. Kwalin ashana fa! Don haka in ka gama, ka tura shi wayarka, ka miƙe hannu ka duba. In ba ka gane fuskar ba, koma ka sake.

A ce kana shirin Gizo da Ƙoƙi, a kashi na 7 Gizo ya saci zuman sarki. Sai ka zuba Gizo da Ƙoƙi da sarki da dogarai har da doki, wai kada wahalarka ta tafi a banza. A'a. Gizo kaɗai, ido waje, zuma na ɗiga a bakinsa, bayansa launi ɗaya. Mu masu katun ai mun huta, ba sai mun tsinto hoto daga cikin bidiyon ba, sabo za mu zana. Rubutu kalma biyu ko uku, kuma kada ka sa shi a ƙasa ta dama, nan suke liƙa tsawon mintuna, sai ya rufe maka. Ban ce ka zana abin da babu a ciki ba. Mutum ya shiga bai ga zuma ba, zai fice, kuma YouTube na lissafin ficewar nan.

Na uku... au, na biyu muke ko? Take. Harafi 100 suka ba ka, amma waya tana datse wutsiyarsa. Labarin a gaba, lamba a baya: "Gizo ya saci zuman sarki, Gizo da Ƙoƙi kashi na 7". Shi kuma bayani, layin farko-farko ake gani, a nan za ka faɗi abin da ya faru, ka rubuta Koki ba ƙugiya sau ɗaya, tunda haka mutane ke bugawa in suna nema.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya me ya sa ba a iya yin sharhi a ƙasan katun ɗinta. Hajiya, duba ko an zaɓi Made for kids. Tun 2020, bidiyon da aka ce na yara ne ana rufe masa sharhi, ƙararrawar sanarwa ma ba ta aiki. In na yara ne da gaske, ki bar shi haka, kada ki sauya don neman sharhi. Ki jera kashi-kashin a jeri ɗaya, daga na 1, yadda yaro zai gama wannan ya faɗa wancan.