Kujeru shida a inshorar lafiya: wa zai zauna, kuma da wace takarda?

Assalamu alaikum. Idan kai ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ko ke ma'aikaciya ce, abin da ake cirewa a albashi na inshorar lafiya ba naka kaɗai ba ne. Mutum shida yake ɗauka: kai, da mata ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinka huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Haka tsarin yake tun da aka fara shi a 2005 da sunan NHIS, kuma da dokar 2022 ta sauya sunan hukumar inshorar lafiya ta ƙasa zuwa NHIA, wannan lissafi bai canza ba.

To amma gidan Bahaushe nawa ne yake tsayawa a mutum shida? Mu ɗauki misalin wani ma'aikaci a Gusau. Matansa biyu, 'ya'yansa bakwai, akwai ɗan ƙaninsa da yake riƙo, ga kuma mahaifiyarsa a ɗaki tana fama da hawan jini. Har da shi, mutum goma sha biyu ke nan, kujeru kuwa shida. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shi kansa maigidan nasa mai sauƙi ne. Zai cike fom, ya kawo lambarsa ta NIN, da shaidar cewa yana aiki, kamar takardar ɗaukar aiki ko takardar albashi, da hoto. Sannan ya zaɓi asibitin da iyalin za su riƙa zuwa. A nan shawarata, a zaɓi na kusa da inda iyali suke kwana. Mutane da yawa kan zaɓi na kusa da ofis, sai zazzaɓi ya kama yaro da dare su gane kuskurensu.

Sai mata. Gurbin ɗaya ne, ko uwargida ko amarya, wadda ba ta shiga ba kuma sai a saka ta a matsayin ƙari, a biya mata kuɗi daban. Yaya za ka nuna matarka ce? A wajenmu mace ba ta cika sauya suna bayan aure ba, sunan mahaifinta take ɗauke da shi, don haka ma'aikacin da ke duba fom ba zai ga wata alaƙa tsakanin sunanka da nata ba. Takardar aure ce za ta yi magana. Ga shi kuwa yawancin aurenmu an ɗaura shi ne a masallaci ko a ƙofar gida, da waliyyi da shaidu da sadaki, aka raba goro da alawa aka watse, ba wanda ya rubuta komai. Idan haka naka yake, ka nufi kotun shari'ar Musulunci ko masallacin da aka ɗaura auren a ba ka takardar shaida, ko ka yi takardar rantsuwa a kotu, wadda za ta faɗi sunayenku cikakku da lokacin da aka ɗaura. Kafin ka kashe kuɗin mota, tambayi ofishin da za ka yi rajistar wacce suke karɓa.

Akwai wata dama da ba kowa ya san da ita ba. A ce amaryar nan ita ma ma'aikaciyar tarayya ce, ana cire mata nata kason. To ita ma tana da nata guraben. Maigida ya saka uwargida da yara huɗu, amarya ta saka 'ya'yan da ta haifa a ƙarƙashin sunanta. Abin da aka hana shi ne a yi wa mutum ɗaya rajista sau biyu.

Yanzu yara, inda aka fi samun tangarɗa. Abin da ake nema shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin ita ce ke ɗauke da sunan yaro, da ranar haihuwarsa, da sunan uba da na uwa. Katin da asibiti ke bayarwa ranar sallama, ko katin rigakafi, ba su ne takardar ba, da su ake zuwa a karɓo ta. Wanda aka haifa a gida ma ana yi masa. Idan ka karɓa, kada ka ninke ka jefa a jaka. Ɗora ta kusa da katinka na NIN ka karanta harafi bayan harafi. A katinka Muhammad, a takardar yaro Mamman. Kai kana amfani da sunan garinku a ƙarshen sunanka, yaron kuma an rubuta masa sunanka na yanka kawai. Ko kuma a gida Abba ake ce masa saboda alkunya, har aka kai Abban makaranta, alhali sunan da aka raɗa masa daban ne. Duk unguwa ta san ɗanka ne, amma wanda ke gaban kwamfuta abin da ke rubuce yake gani, sai ya mayar da fom. A gyara tun kafin a miƙa, domin gyara bayan an shigar ya fi cin lokaci.

Cikin bakwai ɗin, waɗanne huɗu zai zaɓa? Da ni ne, zan fara da wanda ya fi yawan zuwa asibiti, kamar mai sikila ko mai asma, sannan ƙanana. Yarinyar da ta kai 17 saura mata 'yan watanni gurbin ya fita daga hannunta. Idan yaro ya cika 18 kuwa, maigida ne zai je ya nemi a musanya shi da ƙaninsa, da takardar haihuwar ƙanin a hannu. Wanda ya shiga jami'a ko kwaleji, a tambaya a makarantarsa, akwai tsarin ɗalibai na daban. Jariri sabuwar haihuwa ana duba shi na makonni 12 na farko, saboda haka da an sha suna a fara neman takardarsa.

Ɗan riƙo fa? Ko tun yana goye yake hannunka, ba ya cikin huɗun nan. A saka shi a ƙari. Kada a yi masa takardar haihuwa da sunanka don ya samu shiga: ƙarya ce a takardar hukuma, kuma tana iya tasowa wata rana wajen rabon gado.

Sai Hajiya. Iyaye ba sa cikin shidan, ko da kai ke ci da su. Ko dai ka saka ta a ƙari ka riƙa biya duk shekara, ko ka yi mata rajistar kanta a tsarin GIFSHIP, wanda mutum ke biya da kansa, ko a hukumar inshorar lafiya ta jiha, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Idan a ƙarƙashinka za ta shiga aka nemi shaida, takardar haihuwarka ce ke nuna sunanta. Mafi yawan manya ba su da wannan, sai a koma ga rantsuwar kotu. Ka tabbata ka rubuta sunanta na yanka yadda yake a NIN ɗinta, kada ka rubuta Inna ko Goggo.

Bayan an miƙa komai akwai lokacin jira kafin a fara duba ku, don haka kada a bari sai ciwo ya zo. Da lokacin ya cika, ka je asibitin da ƙafarka ka ce a duba maka jerin sunayen da aka turo musu. Ka ƙirga da kanka, shida ne ko biyar? Idan wani ya ɓace, koma wa kamfanin HMO ɗinka, wato kamfanin da ke tsakaninka da asibiti a harkar inshorar, ko ofishin NHIA na jiharku da kwafin takardun da ka bayar. Kuma ranar karɓar magani a riƙe ɗan canji, domin mai wannan tsari yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin.