Yadda Mai Neman Aiki Zai Nemi a Ɗage Masa Intabiyu Ba Tare da Ya Zubar da Ƙimarsa Ba

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sauraro, kafin mutum ya nemi a ɗage masa intabiyu, ya kamata ya san abin da roƙon nasa zai taɓa. Galibi kwamiti ne na mutum uku ko huɗu yake zama, kowannensu ya ajiye aikinsa domin wannan rana, an kuma jera masu neman aikin ɗaya bayan ɗaya. Sauya awa a cikin ranar abu ne mai sauƙi, domin musanya gurbi kawai za a yi da wani, amma sauya ranar ɗungurungum yana nufin sake tara kwamitin saboda mutum guda. Don haka a fara da roƙon da ya fi sauƙi.

Mu ɗauka an aiko wa wata gayyata ranar Litinin, cewa ta zo ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe, alhali tana da jarrabawar ƙarshe daga ƙarfe 9 zuwa 12. A ranar Litinin ɗin za ta amsa, kuma ta hanyar da gayyatar ta zo, idan imel ne ta mayar a kan wannan saƙon domin jami'in ya ga bayananta ba sai ya nema ba. Za ta yi godiya, ta ambaci muƙamin da lokacin da aka ba ta, sannan ta ce: "Ina da jarrabawa a wannan lokaci wadda ba ni da ikon ɗagawa. Zan iya zuwa ranar Alhamis ɗin daga ƙarfe 2, ko Laraba kowane lokaci, ko Juma'a da safe. Ina neman afuwa, kuma ina nan a kan sha'awata ga wannan aiki."

Ku lura da Laraba a cikin zaɓin nata. Wanda ya nuna zai iya zuwa kafin ranar da aka sa masa, da wuya a zarge shi da jan ƙafa. Dalilin kuma jimla ɗaya ce, kuma gaskiya ne, domin doguwar hujja tana kama da ƙirƙira, kuma ana iya neman shaida. A ganina, amsar da ta fi ɓata wa mutum suna ita ce "ku sa mini wani lokaci", saboda ta mayar wa jami'in da aikin da mai roƙo ya kamata ya yi.

Idan larurar ta taso da safiyar ranar, kamar rashin lafiya, to waya za a buga nan take, a biyo da saƙo a rubuce. Idan kuwa an yi shiru bayan saƙon da ta aika ranar Litinin, kada ta ɗauka an amince, lokacin farko yana nan har sai an tabbatar mata da sabo, don haka ta kira washegari. Da zarar an ba ta sabon lokaci, ta maimaita ranar da awar a amsarta, ta kuma riƙe shi, domin ɗagewa ta biyu kan sa kwamiti ya wuce ga na gaba.